Yadda Ake Karanta Jadawalin Sakamakon Gwaji Idan Ya Fito Daga Takardar Lacca

Kwana biyu ko uku kafin jarrabawar fiziks, saƙo iri ɗaya yakan yi ta yawo a wayoyin ɗalibai. Wani ya kwafo jadawali daga takardar laccar malam ya tura wa abokai, ya rubuta a ƙasa: "Don Allah wa ya gane wannan?" Abin da yakan iso wayar mutum kuwa ba ya kama da jadawali. Layukan da suka raba lambobi sun ɓace, ƙananan alamomin da ke saman haruffa sun sauko ƙasa, sai tarin lambobi a jere kamar lambar waya. Ga irin abin da nake nufi:

```
L/cm t1/s t2/s t/s T/s T2/s2
100.0 40.1 40.3 40.2 2.010 4.040
80.0 36.0 35.8 35.9 1.795 3.222
60.0 31.0 31.2 31.1 1.555 2.418
40.0 25.5 25.3 25.4 1.270 1.613
20.0 18.1 17.9 18.0 0.900 0.810
```

Lambobi talatin ke nan da kanun rubutu shida. Yawancin masu karɓar saƙon sukan tsallake layin farko su faɗa kan lambobin, wasu ma har su fara haddace su. A ganina nan ne kuskuren yake. Layin farkon nan da ake tsallakewa shi ne ke riƙe da ma'anar duk abin da ke ƙarƙashinsa, kuma wanda ya iya karanta shi zai iya gano ko jadawalin gaskiya ya faɗa ko akwai kuskure a ciki, ko da kuwa bai taɓa shiga ɗakin gwajin ba.

Jadawalin da ke sama na gwajin lilo ne, wanda ɗalibai ke kira fendulum, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da ake yi a sakandare da shekarar farko ta jami'a. Ana ɗaura ƙaramin dunƙulen ƙarfe a bakin zare, a rataye shi, a ja shi gefe kaɗan a sake shi ya yi ta kaiwa da komowa. Sai a auna lokacin da yake ɗauka da agogon awo. Daga nan a rage tsawon zaren a sake aunawa. Lambobin da na sa misali ne na tsara don bayani, amma irin su ne ɗalibi mai natsuwa zai samu idan ya yi gwajin a Kano ko Zinder. Kafin a taɓa kowace lamba, wajibi ne a san wannan labarin: me aka rataye, me aka canza da hannu, me aka tsaya ana kallo. A takardar lacca wannan bayani yana sama da jadawalin ko a shafin da ya gabata, kuma shi ne abu na farko da mai kwafa yake barin baya.

Aikin farko shi ne mayar da jadawalin kamanninsa. A ƙirga kanun da ke layin farko: shida. A ƙirga lambobin kowane layi: shida shida. Idan suka yi daidai, to kowace lamba tana da gidanta. Idan wani layi ya zo da biyar, akwai gurbin da babu komai a asalin takardar, kuma kwafa ta haɗiye shi, duk lambobin da ke bayansa sun matso gida ɗaya zuwa hagu. Irin wannan layi ba a yin aiki da shi sai an koma ga asali. Ga jadawalin bayan an gyara masa zama:

```
L/cm    t₁/s   t₂/s   t/s    T/s     T²/s²
100.0   40.1   40.3   40.2   2.010   4.040
 80.0   36.0   35.8   35.9   1.795   3.222
 60.0   31.0   31.2   31.1   1.555   2.418
 40.0   25.5   25.3   25.4   1.270   1.613
 20.0   18.1   17.9   18.0   0.900   0.810
```

Kowane layi na kwance gwaji ɗaya ne, wato tsawon zare ɗaya da duk abin da aka samu a kansa. Kowane layi na tsaye kuma abu ɗaya ne da aka auna ko aka lissafa a dukan gwaje-gwajen.

Kowane kan rubutu yana da kashi biyu. Harafin farko yana faɗin abin da aka auna, abin da ke bayan alamar `/` kuma yana faɗin ma'aunin da aka auna shi da shi. `L/cm` na nufin tsawo, an auna shi da santimita. `t/s` na nufin lokaci, an auna shi da sakan. Wasu malamai sukan rubuta `L (cm)`, ma'anar ɗaya ce. Ɗalibai da dama suna ganin alamar rabawa sai su ɗauka umarni aka ba su su raba wani abu, alhali an riga an yi rabawar. Tsawon santimita 80 idan aka raba shi da santimita ɗaya sai ya bar 80 zalla, ita ce aka rubuta a gurbin, don kada a yi ta maimaita `cm` a kowane layi. Mai karatu ne zai mayar wa lambar ma'auninta a ransa duk lokacin da ya ɗauko ta. Wanda ya ce maka ya sayo masara arba'in bai gaya maka komai ba sai ka ji ko tiya ce ko buhu. Haka 40.0 da ke layin `L` da 40.1 da ke layin `t₁` suke: sun yi kusa da juna a ido, amma ɗaya tsawon zare ne, ɗaya lokaci ne, babu abin da ya haɗa su.

Wannan sakaci ba na ɗalibai kaɗai ba ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars, domin wani ɓangare na masu aikin ya riƙa ba da lambobi a ma'aunin fam na Amurka, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta su a matsayin ma'aunin niyuton. Lambobin sun wuce daga hannu zuwa hannu tsawon watanni ba tare da an tabbatar da ma'auninsu ba.

Bayan ma'auni, tambayar da ta fi amfani ita ce: wane layi aka auna, wane kuma aka lissafa? A nan layuka uku na farko ne kaɗai suka fito daga ɗakin gwaji. `L` shi ne abin da mai gwajin ya zaɓa da kansa, shi ya sa lambobinsa suke tafiya a tsare, ashirin ashirin, kuma shi ya sa aka sa shi a farkon hagu kamar yadda aka saba. `t₁` da `t₂` su ne abin da agogo ya nuna a karo na farko da na biyu. Ƙananan lambobin 1 da 2 da ke ƙasan harafin lakabi ne kawai, na farko da na biyu, ba a yin lissafi da su. Sauran layuka ukun kuwa a kan tebur aka same su da kalkuleta, kowanne daga wanda ke hagunsa.

Mu ɗauki layin santimita 80 mu bi shi gida gida. An auna sau biyu, an samu sakan 36.0 da 35.8. A haɗa su a raba biyu, sai a samu 35.9, wanda shi ne `t`, matsakaicin awon. Daga nan sai `T` babba, 1.795. Ta yaya aka sauko daga 35.9 zuwa 1.795? Jadawalin bai faɗa ba, amma yana iya faɗa idan aka tambaye shi. A raba 35.9 da 1.795, amsa 20. A gwada layin sama: 40.2 a raba da 2.010, amsa 20. To, ashe ba lilo ɗaya aka auna ba, ashirin aka ƙirga a kowane karo, sannan aka raba da ashirin don a san lokacin lilo ɗaya. Wannan shi ne `T`: lokacin da dunƙulen ke ɗauka ya je ya dawo inda ya tashi. Ƙaramin `t` da babban `T` abubuwa biyu ne daban, kuma mai kwafa da hannu da ya mayar da su harafi ɗaya ya rusa jadawalin gaba ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa ake ƙirga ashirin, kuma saninsa yana taimaka wa mai karatu ya san iyakar amincin lambobin. Tsakanin ganin ido da danna agogo, ɗan Adam yakan ɓata kusan kashi biyu cikin goma na sakan. Idan lilo ɗaya aka auna, mai ɗaukar sakan biyu, wannan jinkiri ya kai kashi goma cikin ɗari na awon, kuskure mai yawa ƙwarai. Idan ashirin aka auna, jinkirin yana nan yadda yake, amma yanzu ya faɗa cikin sakan arba'in, ya koma rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Shi ya sa `t₁` da `t₂` suka bambanta da 0.2 a jadawalinmu, kuma wannan bambanci alamar lafiya ce. Ni jadawalin da ke sa ni shakka shi ne wanda awo na farko da na biyu suka zo daidai cif a kowane layi, domin hannun mutum ba ya yin haka sau biyar a jere.

Layin ƙarshe shi ne wanda kwafa ta fi yi wa ɓarna. A takardar malam an rubuta `T²/s²`, da ƙaramar lamba biyu a sama. A waya ya zama `T2/s2`, sai ɗalibi ya zaci wani `T` ne na biyu kamar `t₂`, ko ya zaci `T` sau biyu ne. Lambobin da kansu za su raba gardama. A layin farko 2.010 sau biyu ya ba da 4.020, 2.010 sau kansa kuma ya ba da 4.040, sun yi kusa har mutum ya iya ruɗewa. A sauko layin ƙarshe: 0.900 sau biyu 1.800 ne, amma 0.900 sau 0.900 ya ba da 0.810, kuma ita ce a jadawalin. Magana ta ƙare, `T` sau kansa ne. Darasin da ke nan shi ne kada a gwada zato a layi ɗaya kawai, a gwada shi a layin da ya fi nisa da na farko. Tun da an ninka sakan da sakan, ma'aunin ma ya zama `s²`. Ba wani abu ne da ake gani a agogo ba, sawun lissafin da aka yi ne.

Wannan ɓarnar ƙananan lambobi tana da 'yan'uwa da ya kamata a sani. `10³`, wato dubu, yakan koma `103`. `10⁻²` yakan koma `10-2`, wanda mai gaggawa zai karanta takwas. `m s⁻²` yakan manne ya zama `ms-2`, alhali `ms` a karan kansa ma'auni ne daban, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan jadawalin ya bi ta Excel kuma, sau da yawa 80.0 yakan koma 80, 0.900 ya koma 0.9. Sifirin nan ba ado ba ne. Wanda ya rubuta 80.0 yana cewa ya auna da rula har zuwa milimita, wanda ya rubuta 80 bai yi wannan alkawari ba. Ga kuma ɗalibanmu da ke musayar takardu tsakanin Nijeriya da Nijar: a makarantun da ke bin tsarin Faransa ana rubuta 40,2 da waƙafi inda ɗan Nijeriya zai sa ɗigo. Don haka 1,795 a takardar Maraɗi ɗaya ne da ɗoriya, a idon ɗan Katsina kuwa dubu ɗaya da ɗari bakwai da casa'in da biyar ne.

To me ya sa malam ya wahalar da kansa da layin `T²`? Domin a nan ne sakamakon yake. Dubi `L` da `T`: zaren santimita 40 ya ɗauki sakan 1.270, na santimita 80 ya ɗauki 1.795. An ninka tsawo biyu, amma lokaci bai ninku biyu ba. Yanzu dubi `T²`: 1.613 da 3.222, kusan ninki biyu daidai. Ma'ana `T²` ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawon zare, kuma idan aka zana su a giraf za a samu miƙaƙƙen layi, abin da `T` ba zai bayar ba. Ƙa'idar da ke bayan wannan ita ce:

```
T² = (4π²/g) × L
g  = 4π² × L / T²
```

Harafin `g` shi ne ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi idan yana faɗowa, wato yawan gudun da yake ƙarawa a kowane sakan. Duk gwajin an yi shi ne don a same shi. `4π²` lamba ce tsayayya, kusan 39.48. Mu sa layin farko: tsawo mita 1.00, `T²` kuma 4.040. A ninka 39.48 da 1.00 a raba da 4.040, sai a samu 9.77. Ma'auninsa ma daga jadawalin ya fito: mita a sama, `s²` a ƙasa, wato `m/s²`.

A lura da abin da na yi ba tare da na yi shela ba: na mayar da santimita 100 zuwa mita ɗaya kafin lissafi. Ɗalibin da ya sa 100 yadda ya gan ta zai samu 977, ya firgita ko ya goge aikinsa. Amsarsa ba ƙarya ba ce, 977 ɗin santimita ne. Kuskuren yana zuwa ne idan ya rubuta `m/s²` a gefenta. Wannan shi ne wurin da na fi ganin maki na zubewa, kuma maganinsa yana rubuce a saman layin farko tun da farko: `cm`.

Layi ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Hanya mafi sauƙi ta duba jadawalin duka ita ce a raba kowane `T²` da tsawonsa a mita. Za a samu 4.04, 4.03, 4.03, 4.03 da 4.05. Sun tsaya wuri ɗaya, don haka jadawalin ya yarda da kansa. Na ƙarshen ne ya ɗan fi karkata, kuma ba mamaki: a gajeren zare, kuskuren milimita ɗaya ko jinkirin yatsa ya fi yin tasiri. Idan aka bi hanyar da malamai suka fi so, ta gangarar giraf, sai a ɗauki bambancin `T²` tsakanin layin farko da na ƙarshe, 3.230, a raba da bambancin tsawo, mita 0.80, a samu kusan 4.038. A raba 39.48 da wannan, `g` ya fito 9.78.

Wani zai ce littafi ya ce 9.81, ko 9.8, ko ma 10 a takardar jarrabawa. Duk daidai ne a muhallinsu. `g` ba ɗaya ba ne a ko'ina a doron ƙasa: kusan 9.78 ne a yankin da ke kusa da tsakiyar duniya, inda ƙasashenmu suke, yana ƙaruwa har kusan 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Da lilo aka fara gano haka. A 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogo mai lilo daga Paris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, sai ya ga yana yin baya da kusan minti biyu da rabi a kowace rana, har sai da ya rage tsawon lilon. Amma kada a ɗora wa jadawalinmu abin da ba zai iya ɗauka ba. Da agogon hannu da rular katako, shakkar da ke cikin amsar ta kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wato 0.1 sama ko ƙasa. Wannan ya fi tazarar da ke tsakanin 9.78 da 9.81. Abin da jadawalin ya tabbatar shi ne `g` yana wajen 9.8. Wanda ya kwafo 9.77228 daga fuskar kalkuleta ya rubuta a matsayin amsa, ya yi iƙirarin abin da rularsa ba ta gani ba.

Kurakuran wannan gwaji suna barin sawu, kuma mai karatu na iya gane su daga lambobi kaɗai. A ce a layin santimita 60 an ga `t₁` 31.0 amma `t₂` 29.5. Tazarar 1.5 ta yi wa jinkirin yatsa yawa. Dubi `T` na wannan layi, 1.555: tazarar ta yi daidai da lilo ɗaya. Mai ƙirga ya tsaya a goma sha tara, yawanci domin ya ce "ɗaya" a lokacin da ya saki dunƙulen maimakon ya fara da sifiri. Irin wannan awo ba a haɗa shi cikin matsakaici, sake shi ake yi. Idan kuwa `g` ya fito wajen 39, ninki huɗu na abin da ake tsammani, to an ƙirga zuwa a matsayin lilo ɗaya, dawowa ma ɗaya. `T` ya rabu biyu, `T²` ya rabu huɗu. Idan kuma rabon `T²` da tsawo yana ta hawa yayin da zaren ke gajarta, maimakon ya tsaya wuri ɗaya, a tuhumi awon tsawo. Ana auna `L` ne daga inda aka rataye zaren zuwa tsakiyar dunƙulen, wanda ya tsaya a samansa ya rage wa kowane tsawo santimita ɗaya ko fiye. Santimita ɗaya a cikin ɗari ba ta cika nunawa ba, a cikin ashirin kuwa kashi biyar cikin ɗari ce. A giraf wannan yakan bayyana a matsayin layi miƙaƙƙe da ya kauce wa mafarin sifiri.

Akwai abin da ba ya cikin jadawalin, kuma rashinsa yana da ma'ana. Babu layin nauyin dunƙule, domin lokacin lilo bai dogara da nauyi ba. Babu layin nisan da aka ja shi gefe, amma wannan sharaɗi ne ɓoyayye: ƙa'idar da ke sama tana aiki ne idan an ja shi kaɗan, ƙasa da digiri goma. Wanda ya ja shi da nisa zai samu lokaci mai ɗan tsawo, `g` ya fito ƙasa da gaskiya, kuma babu kan rubutun da zai gaya masa dalili. Wannan sharaɗi yana cikin bayanin da ke kewaye da jadawalin a takardar lacca.

Saboda haka roƙona ga malamai shi ne su riƙa rubuta adadin lilon a cikin kan rubutun kansa, kamar `t (20 osc.)/s`, don ya bi jadawalin duk inda ya je. Ku kuma ɗalibai, idan za ku tura wa abokai jadawali, ku ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, har da taken da ke sama da bayanin da ke ƙasa, ku bar kwafo lambobi tsirara.